Yadda kaka za ta rubuta wa jikanta ɗan shekara 8 wasiƙa da kyauta

Da farko ki zaɓi kyautar kafin ki ɗauki biro, domin wasiƙar a kanta za ta tsaya. A ce agogon hannu ne: ki nemi mai manyan lambobi, wanda madaurinsa ke da huji da yawa, don hannun yaro siriri ne. Ki saita masa lokaci tun kafin ki naɗe.

Sai rubutun. Ɗan shekara 8 ya fara karatu da kansa, amma rubutu mai haɗe-haɗe yana ba shi wuya. Ki ware haruffa, ki yi su manya, layi shida ko bakwai sun isa. Ki buɗe da sunan da kike kiransa, ki ce misali: "Maigidana, barka da cika shekara 8. Ga agogo na aiko maka, ka riƙa cire shi in za ka yi wanka. Allah Ya raya min kai." Kada ki cika nasiha, yaro zai gaji tun kafin ya kai ƙarshe. Tambaya ɗaya tak ki yi masa, wadda zai so ya amsa, kamar sunan babban abokinsa.

Ki sa kwanan wata a sama. Ki rubuta sunansa shi kansa a bayan ambulan, ki ɗora ta a saman kyautar yadda ita zai fara gani, sannan ki aika da wuri don ta riga ranar isa.