Kurakuran da muke yi da zanen taya, musamman mai kibiya da mai ciki da waje

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar kawuna ya kawo min Kamri ɗinsa nan unguwarmu a Jidda, wai tun da ya je banshar, wato shagon masu gyaran taya, aka jujjuya masa tayoyi motar take wani irin gurnani ta gaba idan ya hau titin Makka, kuma shi jigilar masu Umara yake yi, kullum yana kan hanyar nan. Na durƙusa na leƙa gefen tayar gaba ta dama sai ga kibiya tana kallon bayan mota, na zagaya ta hagu ita ma haka. Na ce Kawu ai tayoyinka na gaba duka biyun a juye suke tafiya, ya ce "yo ɗana ita taya har gaba da baya gare ta?" Tambayar nan tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin na san ba shi kaɗai ba ne, da yawanmu muna sayen taya ne da girma da farashi kawai, zanen da ke jikinta muna ɗaukarsa ado.

Zanen taya iri uku ne a motocin da muke hawa. Akwai wanda idan ka raba fuskar tayar biyu a tsaye, rabin ciki da rabin waje duk zane ɗaya ne, shi ake kira simetirik, shi ne a jikin yawancin ƙananan motoci da Hayis da Hailuks na aiki. Ba shi da gaba ba shi da baya, ko ta ina aka ɗora shi daidai ne, ba ya cika ƙara, yana daɗewa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Wannan ba ya ba kowa matsala don haka ba zan tsaya a kansa ba. Rigimar duk tana wajen sauran biyun.

Na biyu shi ne mai kibiya, dairekshinal. Idan ka tsaya gaban mota ka kalli tayar za ka ga ramukan sun taho daga gefe biyu sun haɗu a tsakiya kamar harafin V, tsinin yana kallon ƙasa. An yi shi ne saboda ruwa. Lokacin da tayar take juyawa tsinin ne ke fara taɓa kwalta, sai ya tsaga ruwan ya tura shi ta cikin ramukan zuwa gefe biyu, robar ta samu ta kama ƙasa. Idan aka juya ta kuwa buɗaɗɗen bakin ne zai fara sauka, maimakon ya watsa ruwa waje sai ya riƙa tattaro shi zuwa tsakiyar taya, kuma nan ne mota take hawa kan ruwa ta yi ta sulɓi, ka murza sitiyari ka ji shi sakayau babu abin da yake riƙewa, ka taka birki ba ta ji. A gefen irin wannan taya za ka ga kibiya da kalmar ROTATION. Yadda ake dubawa, ka nemi kibiyar a lokacin da take sama kusa da bodin mota, dole ta nuna gaban mota. Wasu suna dubawa tana ƙasa kusa da kwalta sai su ga tana kallon baya su rikice, to idan tana ƙasa daman baya za ta kalla, ka tura motar kaɗan ta hau sama sannan ka yanke hukunci.

Wani zai ce mu a ƙasar nan ina ruwanmu da ruwan sama, sau nawa ake yi a shekara. Duk wanda yake Jidda a Nuwamba 2009 ko ranar 24 ga Nuwamba 2022 ba zai faɗi haka ba. Kuma ba sai an yi ambaliya ba, ruwan farko da ke sauka kan kwaltar da ta yi watanni tana shan ƙura da mai shi ne mafi santsi, ga mutane suna gudun 120 kamar yadda suka saba a bushe. Taya a juye kan yi watanni ba ta nuna maka komai ba sai ɗan ƙara, ranar da ake buƙatarta ranar za ta ƙi aiki.

To me ya faru da motar Kawu? Yaron banshar ɗin ya yi abin da ya saba ne, juyin da ake yi wa mota mai jan gaba, wato tayoyin gaba su koma baya kai tsaye kowacce a gefenta, na baya kuma su tsallake, ta bayan hagu ta je gaban dama, ta bayan dama ta je gaban hagu. Wannan tsari ne mai kyau ga simetirik. Amma mai kibiya da zarar ta tsallaka daga hagu zuwa dama tare da wilinta to ta juya ke nan, shi ya sa na baya suka fito daidai, na gaba duka biyun suka zama a juye. Gyaran bai ɗauke mu minti ashirin ba, babu cire taya daga wili, jak muka sa muka kwance na gaba biyun muka musanya su, ta dama ta koma hagu ta hagu ta koma dama, kibiyoyi duka suka kalli gaba. Ƙa'idar mai kibiya ke nan, gaba da baya kawai take zagayawa a gefe ɗaya, duk kamar kilomita 8,000 zuwa 10,000. Idan kuma taya ɗaya ce tak ta fito a juye, misali ka sayi sabuwa an ɗora ta ba daidai ba, babu wadda za ka musanya da ita, sai an cire ta daga wilin an juya an mayar, an sake yin tarsis, wato balansin, domin dalmar da aka liƙa da farko ba ta ƙara yin daidai.

Na uku shi ne asimetirik, ni ina ce masa mai ciki da waje, kuma shi ne yanzu ke zuwa a jikin sababbin motoci da yawa. Fuskar tayar rabi biyu ce da aiki biyu. Ɓangaren waje yana da manyan ɓarin roba masu faɗi da ƙarancin tsaga, saboda idan ka sha kwana nauyin mota kan kafaɗar waje yake sauka, ana son wurin ya yi tauri kada ya lanƙwashe. Ɓangaren ciki kuma shi ke da yawan ramuka da tsagogi na fitar da ruwa. Wanda ke hawa Ɗa'ifa ta hanyar Hada da kwanoninta zai gane amfanin wannan. A gefenta an rubuta OUTSIDE, ɗaya gefen kuma sau da yawa INSIDE.

A nan ne ake yin babban kuskuren da na fi gani, mutane suna haɗa dokar wannan da ta mai kibiya alhali ba abu ɗaya suke nema ba. Ita mai kibiya damuwarta ta ina take juyawa, wato wane gefen mota aka sa ta. Ita kuwa mai ciki da waje damuwarta wace fuska ce ke kallon titi lokacin da aka ɗora ta a wili. In dai an ɗora ta daidai OUTSIDE yana waje, kai ta hagu kai ta dama, gaba ko baya, har abada wajen yana waje, juyin tsallake ma ba ya cutar da ita. Amma idan ka zagaya motarka ka karanta INSIDE da idonka kana tsaye a waje, to an yi kuskure tun wajen ɗorawa, kuma musanya ta da ta ɗaya gefen ba zai gyara komai ba, ko ina ka kai ta cikin nan dai zai ci gaba da kallon waje. Dole a sauke ta daga wili a juya. Na taɓa ganin wani ɗan'uwanmu ya sa an yi ta zagaya masa taya ɗaya kusurwa huɗu na mota yana neman inda za ta zauna daidai, ya biya kuɗin aiki a banza, abin ya ba ni tausayi wallahi, da ya san wannan bambancin da tun farko ya ce a cire ta.

Akwai kuma akasin haka, wanda tayarsa lafiya lau amma ya tayar da hankalinsa. Idan ka kalli mai ciki da waje a dama da hagu za ka ga tsagogin gefe ɗaya kamar sun karkata gaba, na ɗaya gefen sun karkata baya, sai mutum ya koma banshar yana faɗa wai an juya masa taya. Ba a juya ba, haka take, tunda taya iri ɗaya ce aka sa a gefe biyu. Kada ka bi karkatar zane, rubutun gefe za ka bi. Sai dai akwai ƴan tsirarun tayoyi na motocin gudu masu haɗa duka biyun, kibiya da OUTSIDE, su kam akwai ta hagu akwai ta dama daban, in ka ga alamomin biyu a taya ɗaya to ka tambayi mai shago wace ta wane gefe ce kafin ka biya.

Sai maganar gauraya. Taya ta fashe a hanyar Madina, ka tsaya ka sayi duk wadda ka samu mai girman daidai, wannan lalura ce ba laifi. Laifin shi ne ka bar ta haka wata da watanni, mai kibiya a dama simetirik a hagu. Tayoyi biyun da ke layi ɗaya, na gaba ko na baya, ya kamata su zama iri ɗaya zane ɗaya, in ba haka ba a kan ruwa ɗaya ta kama ɗaya ta saki mota ta fizge gefe lokacin birki. Idan guda biyu kawai za ka iya saya, sa sababbin a baya ko da motar mai jan gaba ce, na san masu banshar da yawa gaba suke sawa, amma idan gaba ya zame kana iya sassauta mai ka gyara, in baya ya zame mota juyawa take yi da kai. Haka safaya, istibna, in mai kibiya ce to gefe ɗaya kawai ta dace da shi, ranar da ta faɗo a ɗaya gefen ka sa ta ka tafi a hankali har ka isa wurin gyara.

Ni a ra'ayina mai jigila tsakanin Jidda da Makka da Madina ba shi da buƙatar mai kibiya, an fi yin ta ne don ƙasashen ruwa da ƙanƙara, tana ƙara ƙara idan ta fara cinyewa, kuma ta hana ka juyin tsallake da ke sa tayoyi su cinye daidai da juna. Da yawa don kyan zanen suke saya. Kuma ko wane zane ne, aikinsa yana ƙarewa ne idan ramin ya ƙare. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin kamar milimita 8, a cikin manyan ramukan akwai ƴan tudu ƙanana masu tsayin milimita 1.6, za ka same su daidai inda aka sa alamar TWI ko ɗan alwatika a kafaɗar taya. Idan fuskar taya ta yi daidai da tudun nan ta gama, kuma tun daga wajen milimita 3 riƙonta a ruwa ya riga ya ragu sosai. Na Kawu mun sa ma'auni mun samu 5 a gaba 4 a baya, na ce masa za su kai shi wani lokaci, amma duk ranar da zai koma juyi ya tsaya a kan yaron ya nuna masa kibiyar da yatsa kafin a ɗaga jak.