Lanƙwasa ɗaya kan juya magana

Jama'a, a kula da saƙon waya, musamman in maganar kuɗi ce. A ce ka aiki yaro Babbar Kasuwar Maraɗi ya kai wa Hajiya jika goma, sai saƙo ya shigo: "Ya bata kudin." In "ya ba ta kuɗin" ake nufi, amana ta isa. In "ya ɓata kuɗin" ne, an shafa wa yaro laifi, wataƙila har a kai ga iyayensa. Lanƙwasar ɓ da tazara tsakanin "ba" da "ta" su ke raba biyun.

Gyaran ba wuya. Kibod na Faransanci ba ya da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, don haka ku ƙara harshen Hausa cikin Gboard, manhajar kibod ta Google, haruffan za su samu.

Karin sauti kuwa sai a ƙamus ake sa masa alama. "Baƙi" na launi da "baƙi" masu ziyara rubutunsu ɗaya, ko da lanƙwasa. Nan sai a ƙara kalma ko a canza ta: gadon kwana, gadon mamaci, hunturu maimakon "ɗari" in sanyi ake nufi.