Ka ɗora bidiyo, amma mai nema bai gan shi ba: ina aka kuskure?

A ɗauki misalin wani tela a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, da ya ɗora bidiyon minti 8 a YouTube kan gyaran keken ɗinki mai yawan tsinke zare. Aikin ya yi kyau, sai dai bayan sati biyu ba wanda ya kalla in ban da abokan shago. Sau da yawa laifin yana cikin abin da aka rubuta a kan bidiyon.

Babban kuskure yana wajen take. Wani ya kan bar sunan da waya ta ba fayil ɗin, irin `VID_0042`, domin shi ne ke hawa gurbin take idan ba a canza ba. Wani kuma ya rubuta "Ku zo ku kalli abin mamaki". Matar da kekenta ke tsinke zare a Daura, ga kayan Sallah jibge a gabanta, ba haka za ta rubuta ba in ta shiga nema. Matsalarta za ta rubuta. Don haka taken ya ɗauki kalmominta: "Keken ɗinki yana tsinke zare? Ga dalilai 3 da gyaransu". An yarda take ya kai harafi 100, amma allon waya yakan datse dogon take, shi ya sa ake sa muhimman kalmomi a gaba. Sunan shago, in ya zama dole, ya koma ƙarshe.

Akwatin bayani yana cin harafi 5,000, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin a danna a buɗe sauran. A nan mutanenmu suke kashe wurin da sallama, gaisuwa da roƙon a bi tasharsu. Gaisuwa ba laifi ba ce, a yi ta da baki a cikin bidiyon. Jimla biyu na farko su faɗi abin da mai kallo zai samu: "Za ka ga yadda ake gane lanƙwasasshiyar allura, yadda ake sassauta matsin zaren sama, da yadda ake share ƙurar da ta taru a gidan zaren ƙasa." Lambar waya da kwatancen shago su biyo baya.

Raba bidiyo babi-babi shi ya fi ba mutane haushi, domin in ka kuskure ba a gaya maka, kawai babin ne ba za su fito yadda ka tsara ba. Ana rubuta lokutan a cikin bayani, kowane a layinsa:

```
0:00 Alamomin matsalar
0:45 Duba allura
3:10 Daidaita matsin zare
5:30 Share gidan zaren ƙasa
```

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba sa ɗaga ƙafa. Dole na farko ya fara daga `0:00`. Telan da ya ce bari ya tsallake gaisuwa ya fara daga `0:45` ya rushe tsarin gaba ɗaya. Dole lokutan su kai uku, su bi juna daga ƙarami zuwa babba, kuma kowane babi ya kai daƙiƙa 10. Akwai masu rubuta `3.10` da ɗigo ɗaya, wannan ba a karanta shi a matsayin lokaci, sai an sa ɗigo biyu. Bayan ka adana, buɗe bidiyon ka dubi layin da ke tafiya a ƙasansa. In ya rarrabu gida-gida, aiki ya yi. In yana nan a miƙe, koma ka bi lokutan ɗaya bayan ɗaya. Kuma a ba kowane babi sunan abin da ke ciki, "Kashi na biyu" ba ya gaya wa kowa komai.

Sai gurbin `Tags`, inda ake zuba kalmomin nema da suka shafi bidiyon, wanda ake ɓata masa lokaci fiye da kima. YouTube da kansa ya ce rawar da yake takawa kaɗan ce, sai dai ga kalmomin da ake yawan rubutawa ta hanyoyi daban-daban. Ga mai Hausa kuwa nan amfaninsa yake. A wurin na'ura ɗ da d haruffa ne daban, kuma yawancin masu nema ba sa wahalar da kansu da lanƙwasa. Saboda haka ka rubuta "ɗinki" daidai a take, sannan a `Tags` ka zuba "keken dinki", "gyaran keken dinki", "tsinkewar zare". Biyar ko shida sun isa, ko da yake gurbin yana ɗaukar harafi 500. Cusa sunan fitaccen mawaƙi ko ɗan wasa don jan jama'a ba ya kawo mai neman gyaran keke, kuma jera tarin kalmomin nema a cikin bayani ya saɓa wa dokar dandalin.

Duk waɗannan ana gyara su ba tare da sake ɗora bidiyon ba, kallon da aka riga aka yi ma ba ya ɓacewa. Bayan kwanaki, shiga `YouTube Studio`, ka buɗe `Analytics` na bidiyon, ka nemi kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare shi. In ka ga "keke na yanke zare" ya fi "tsinke zare" yawa, sa shi a layin farko na bayanin.