Darasi na Bakwai: Launin Ƙarfe a Wuta

A ƙauyukan Ringim da Taura, da zarar damina ta ƙarato, maƙera ba ta rabuwa da mutane. Wannan ya kawo garma, wancan ya kawo gatari. Maƙerin ba shi da na'urar auna zafi, amma ya san lokacin da zai zaro ƙarfe daga wuta. Da ido yake aunawa, don launin ƙarfe yana sauyawa gwargwadon zafinsa.

Da digiri ake lissafin zafi. Ranar da ake kukan zafi a bazara, digiri 40 ne ko sama kaɗan. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙarfe kuwa ba ya fara ja sai ya kai wajen digiri 525, shi ma a cikin duhu ne za ka iya gani. Ke nan ƙarfen da ke kwance baƙi ƙirin kusa da uwar maƙera yana iya zama a digiri 400, ninki huɗu na tafasasshen ruwa. Kada ka taɓa shi don ka ga bai yi ja ba. Yayyafa masa ruwa tukuna, ko ka ɗauka da awartaki.

In ana ci gaba da zuga, jan farko mai duhu ne kamar zoɓon da aka jiƙa, wajen digiri 600 zuwa 650. Daga nan sai ya washe ya zama ja wur kamar nunannen tattasai, wajen 750 zuwa 800. Sai ruwan goro, wajen 900 zuwa 1,000. Sai ruwan ɗorawa, wajen 1,100. Ya wuce nan ya doshi fari, ya kai 1,300, kuma in ka ga tartsatsi yana tashi daga jikinsa, to ƙarfen ne da kansa yake ƙonewa. Waɗannan alƙaluma kintace ne. Ido yana iya kuskure da digiri 50 ko fiye.

Duka da guduma ana yinsa ne tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan goro, lokacin ƙarfe yana da laushi. Da ya koma launin zoɓo, a mayar da shi wuta. Wanda ya nace da duka a nan, tsaga ƙarfen zai yi.

Inda launi ya fi muhimmanci shi ne wurin taurara baki. Mu ɗauki gatarin da aka ƙera da sifirin mota. An gama ƙira, ya huce, an gyara bakin da magagari. Yanzu za a mayar da shi cikin garwashi, a zuga a hankali, ana juya shi har bakin ya yi ja wur bai ɗaya, ba tare da wani gefe ya fi wani haske ba. Zafin da ake nema ya ɗan haura digiri 800. Akwai shaidar da ta fi ido: mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne, a ɗaure shi da waya. Ƙarfe yana daina kama maye a digiri 770. Ka riƙa zaro gatarin kana taɓa bakin da shi. Da zarar ya daina kamawa, ƙara zuga kaɗan, launin ya ɗan ƙara washewa, sai ka tsoma.

Ni na koyi wannan ne da asara. Ina yaro a maƙerar kawuna, na fito da aikin bakin rumfa da tsakar rana don zafin ciki ya dame ni. Na yi ta zuga, ƙarfe ya ƙi yin ja a idona. Da ya yi, na tsoma. Sara uku aka yi wa kututturen ƙirya da gatarin, bakin ya ɓalle. Kawu ya ɗauki ɓallin ya miƙo mini.

"Dubi cikinsa. Me ka gani?"

"Kamar tsakin gero, Kawu, yana ƙyalli."

"To ka ƙona shi. Da ka yi daidai, da ka gan shi lukwi kamar toka. A rana ka duba, ko?"

Haka ne. Hasken rana yana danne jan ƙarfe. Abin da na ɗauka ja ne, a inuwa ruwan goro ne, ya zarce da fiye da digiri 100. Shi ya sa maƙera take da duhu, kuma shi ya sa ya kamata ka riƙa duba launi a wuri ɗaya kullum, cikin inuwa, don idonka ya saba.

Mu koma kan gatarinmu. Bakin kawai za ka tsoma, kamar faɗin yatsa biyu, kana ɗan motsa shi sama da ƙasa. Sifirin ya fi son mai, don ruwa yana sanyaya shi farat ɗaya har ya tsage. Mai kuwa yana kama wuta, saboda haka a zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da dangar kara, ka kuma kau da fuskarka.

A wannan lokaci bakin ya yi tauri fiye da kima, kamar kwalba. Sai an sassauta shi. Zaro gatarin tun bayansa yana da zafi, ka yi maza ka goge bakin da dutsen washi har ya yi haske. Sai ka zuba ido. Zafin baya zai riƙa gangarowa, za ka ga launuka suna tafiya zuwa baki. Na gaba kamar busasshen karan gero, wajen digiri 230. Bayansa ruwan ƙasa, wajen 250, sai shunayya, wajen 280, sai shuɗi, wajen 300. Waɗannan ba hasken wuta ba ne, wata fata ce siririya da iska take haifarwa a kan gogaggen ƙarfe, don haka su sai da haske ake ganinsu, kuma ba sa fitowa a kan tsatsa ko maiƙo. Wuƙa tana son launin kara. Gatari mai shan duka yana son ruwan ƙasa da ya fara shiga shunayya. Da launin ya iso baki, tsoma gatarin gaba ɗaya. In ka yi sakaci shuɗi ya wuce, bakin zai riƙa lanƙwasa, sai a sake daga farko.

Kada ka ɗauki wannan ma'auni ka kai kan harshen wuta. Shuɗin harshen gas ya fi jan harshen itace zafi, kuma koren harshe alama ce ta tagulla a cikin wuta, ba ta zafi ba. Haka alminiyam na masu zuba tukwane: yana narkewa a digiri 660, da rana ba za ka ga ya yi ja ba sai dai ka ga ya zube.

Aikin wannan mako: ku je maƙera da guntun sifirin guda biyu. A tsoma ɗaya yana launin zoɓo, ɗayan bayan ya daina kama maye. In sun huce, ku goga musu magagari. Ku rubuta wanne magagari ya ci, wanne ya zame a kansa, da launin da kuka gani kafin a tsoma kowanne.