Darasi na Tara: Maganar Abin da Zai Faru da Turanci

A Hausa, "za" kaɗai ta ishe mu: zan tafi, za ta zo, za a yi ruwa. Turanci ya raba wannan aikin gida uku: *will*, da *going to*, da kuma sigar da ake haɗa *am*, *is* ko *are* da aikatau mai ƙarewa da *-ing*, wadda ake kira *present continuous*. Kafin ku zaɓi ɗaya, ku tambayi kanku: yaushe aka yanke shawarar yin abin?

Mu ɗauki tela, ana saura mako guda Sallah. Yana cikin ɗinki sai yaronsa ya ce baƙin zare ya ƙare. Telan bai san da haka ba sai yanzu, nan take ya ce:

*I will buy some.*

Shawara ce da aka yanke a daidai lokacin da ake magana, don haka *will* ce ta dace. Haka ma alkawari. In mai kaya ya matsa masa, zai ce *I will finish it on Thursday*, wato zai gama ranar Alhamis. A baki akan taƙaita *I will* ta koma *I'll*, korewarta kuwa *won't*.

Amma akwai abin da telan ya daɗe yana ƙullawa a ransa. Tun watan jiya yake tara kuɗi don ya sayi sabon keken ɗinki bayan Sallah. Bai je kasuwa ba, bai yi ciniki da kowa ba, niyya ce dai tsayayya. A nan zai ce:

*I am going to buy a new machine.*

To, a ce ya kira mai sayar da keken, sun daidaita, sun sa Asabar ƙarfe 10 na safe. Magana ta wuce niyya, ta zama shiri, da rana da lokaci da wani mutum da ke jiransa. Yanzu sai ya ce:

*I am meeting the seller on Saturday at 10.*

Sigar tana kama da ta abin da ake cikin yi yanzu. Ambaton ranar ne ya nuna cewa gaba ake nufi. Mu ma mukan ce "jibi muna tafiya Kano", kowa ya san ba a kan hanya muke ba.

Gaskiyar magana, tsakanin niyya da shiri tazarar ba ta da yawa. Da telan ya ce *I am going to meet the seller on Saturday*, ba wanda zai ce ya yi kuskure. Kada wannan ya ɗaure muku kai. Inda ake tuntuɓe sosai shi ne wajen hasashe.

Hasashe iri biyu ne. Akwai wanda ya dogara da abin da ido ke gani. Hadari ya haɗu daga gabas, iska ta taso, sai telan ya ce wa yaronsa ya kwashe yadudduka daga waje:

*It is going to rain.*

Akwai kuma na zato da sanin yau da kullum, ba wata alama a gaba. Telan ya san hannunsa, sai ya ce *I think she will like the dress*, yana ganin rigar za ta burge mai ita. Irin wannan yakan zo tare da *I think* ko *probably*.

Siga ta uku ba ta shiga hasashe ko kaɗan. Ba a cewa *It is raining tomorrow*, domin ba wanda ya zauna da ruwan sama suka sa rana. Abin da mutane suka tsara kaɗai take ɗauka.

Sai kurakurai uku da ke yawan fitowa a littattafan ɗalibai. Ana mantawa da *am*, *is* ko *are*, a rubuta *I going to buy*. Jimlar ba ta cika ba. Ana kuma ƙara wa aikatau wani abu bayan *will*, kamar *will to go* ko *will goes*, alhali *will go* ne ga kowa, namiji ko mace, ɗaya ko da yawa. Na ukun ya fi wuyar ganewa: bayan *when* ko *if* a irin wannan jimla ba a sa *will*. Ana cewa *I will call you when I finish*, duk da cewa gamawar ma sai nan gaba.

Aikin yi

Ku rubuta waɗannan da Turanci, sannan ku gaya wa na kusa da ku dalilin zaɓinku.

1. An ƙwanƙwasa ƙofa, kika miƙe kika ce za ki buɗe.
2. Kun riga kun yanki tikiti, motarku ta Sakkwato gobe da asuba ce, kuna gaya wa maƙwabci.
3. Madara ta taso a tukunya, tana gab da zubewa.
4. Tun bara kake da niyyar koyon tuƙi, amma ba ka yi magana da mai koyarwa ba tukuna.