Yadda ake kwatanta lambobin jikin kwalin magani don gane jabu

Fara da kwalin. Nemo lambar rukuni, wato ta magungunan da aka haɗa tare a kamfani, wadda ake rubutawa LOT ko BN, da ranar ƙarewar aiki.

Sai ka buɗe, ka duba katin ƙwayoyin. Dole lambar da ranar su zo daidai da na kwali, harafi da harafi. Idan kwali ya ce AB123, kati kuma ya ce AB128, ajiye shi, kada a sha.

Lambar siriyal daban take: a magungunan da ake sa wa ita, kowane kwali da tasa. Jera guda biyu: rukuni na iya zama ɗaya, amma siriyal ɗaya a kwali biyu alamar kwafi ce.

Sai dai mai jabun da ya kwafi lambobin gaskiya ciki da waje zai tsallake gwajin farko. Kwalin asali da aka sake cikawa da kati mai lambarsa kuwa, ko siriyal ba za ta tona shi ba, sai an gwada ƙwayar kanta a ɗakin gwaji.