Yadda na sa aka gyara rasidin haraji mai lambar rajista ta kuskure

Wani Alhaji da nake riƙe wa lissafi a Gombe ya sayar wa kamfanin gine-gine fenti na naira 400,000. Kamfanin ya maido da rasidin, ya ce ba zai biya ba sai an gyara.

Na fara zargin lissafi, amma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ya ba da 30,000, jimla 430,000, daidai. Yaron shago ya ce a soke da biro a rubuta a kai. Na hana, domin rasidin da aka kankare ba hujja ba ne.

Sai na ajiye rasidin kusa da takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista. Ashe Alhaji ya mayar da kasuwancinsa kamfani, amma yana amfani da tsohon littafin rasidi mai lambar BN, wato ta rajistar sunan kasuwanci, da TIN, wato lambar mai biyan haraji, na kansa. Na sa TIN ɗin a shafin tantancewa na hukumar haraji, sunansa ya fito, ba na kamfaninsa ba.

Na tura masa saƙo: "Ranka ya daɗe, kuɗin daidai ne, bayanan rajista ne suka saɓa. A fitar da sabon rasidi da cikakken sunan kamfani kamar yadda yake a takardar CAC, da lambar RC ta rajistar kamfani, da TIN na kamfani. A ba shi sabuwar lamba, a rubuta cewa ya maye gurbin na farko." Na haɗa da hoton takardun biyu don kada a sake kwafowa da kuskure.

Tsohon kuma muka rubuta "an soke" a kansa muka adana, don kada cinikin ya shiga lissafin VAT sau biyu. Kamfanin gine-ginen ya biya kafin 21 ga wata, ranar ƙarshe ta miƙa bayanan VAT na watan baya. Alhamdulillahi, na gode wa Alhaji da bai ja magana ba.